Sana'ar Taifin da Fotokwafi da Firinta Ɗaya Tilo

A bakin kusan kowace babbar makaranta a Arewa, daga Samaru ta Zariya zuwa ƙofar Jami'ar Bayero a Kano, akwai jerin ƙananan shaguna da ake kira bizines santa. Wasu suna da manyan injunan fotokwafi da ma'aikata uku ko huɗu. Wasu kuwa duk jarinsu bai wuce kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, da tebur, da benci, da ƙaramar firinta wadda ke bugawa, ta yi sikanin, ta kuma yi fotokwafi ba. Irin wannan ƙaramin shago yana iya riƙe mai shi, amma sai ya san abu biyu: nawa shafi ɗaya yake tsaya masa, da kuma wane aiki ne ya fi ƙarfin na'urarsa. Yawancin waɗanda suka rufe shago cikin 'yan watanni suna da masu kawo aiki. Sun yi ta bugawa ne a farashin da suka ji maƙwabci yana karɓa, ba su taɓa zama sun yi lissafin nasu ba.

Zaɓen firinta shi ne shawarar farko, kuma ita ce mafi tsada idan aka yi kuskure. Iri uku ne ake samu a kasuwa da kuɗi kaɗan. Na farko ita ce mai katirij, irin HP DeskJet ƙanana, wadda ta fi kowace arha a ranar saye. Baƙin katirij ɗinta na yau da kullum, kamar mai lamba 123 ko 305, yana buga shafi kusan 120 ne kawai bisa ƙiyasin kamfanin. Idan aka raba kuɗin katirij ɗin a kan shafi 120, tawadar shafi ɗaya kaɗai tana iya fin abin da ɗalibi zai yarda ya biya. Wannan firinta ta gida ce, ta mai buga takarda biyu ko uku a mako, kuma bai kamata mai neman abinci da ita ya kalle ta ba.

Na biyu ita ce mai tankin tawada, irin Epson L3110 da L3210, ko jerin G na Canon, ko Smart Tank na HP. A maimakon katirij, tana da tankuna huɗu a gefe da ake zuba tawada daga kwalba: baƙi, shuɗi, ja-ja da rawaya. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai mililita 65, kamfanin ya ce tana kai shafi 4,500. Tana buga kala, kuma wutar da take ci lokacin aiki ba ta kai wat 20 ba. Rauninta uku ne. Tana da nawa, domin ba ta wuce shafi goma a minti ɗaya a baƙi, biyar a kala. Tawadarta tana malala idan ruwa ya taɓa takardar. Sannan bakin da ke fesa tawadar yana toshewa idan aka bar ta kwanaki ba aiki.

Na uku ita ce lesa, mai amfani da garin tona. Tsofaffin HP irin LaserJet P1102, da M1132 mai haɗe da sikana, har yau suna yawo a kasuwar kayan hannu saboda juriyarsu da sauƙin samun kayan gyaransu. Suna buga shafi 18 a minti, rubutunsu yana fita tsaf, ruwa ba ya wanke shi, kuma tona ba ta bushewa don an rufe shago wata guda. Katirij ɗinsu mai lamba 85A yana kai shafi kusan 1,600, ana kuma iya sake cika shi da gari sau da yawa kafin a canza duram. Sai dai baƙi kawai suke bugawa, kuma suna narkar da garin ne a kan takarda da zafi, don haka suna jan wat sama da 300 lokacin bugu, har ma fiye da haka a daidai lokacin da suke ɗumama. Ƙaramar inbata ba ta ɗaukarsu, ƙaramin janareta ma sai an ji muryarsa ta canza.

Saboda haka wuta ce ke yanke hukunci. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don buga takarda uku ya zama asara a fili. Mai firintar tanki da kwamfutar tafi-da-gidanka duka-duka bai kai wat 100 ba, kuma batir mai ƙarfin 100Ah da ƙaramar inbata zai riƙe shi kusan awa biyar ba tare da an zuƙe batirin fiye da rabi ba. Idan aka ƙara faifan sola ɗaya, ya wuni yana aiki. Ga wanda zai fara da na'ura ɗaya a wurin da wutar NEPA ba ta da tabbas, mai tanki ita ta fi dacewa, kuma a kanta sauran bayanin zai tafi.

Lissafin shafi ɗaya yana da sassa biyar, amma mutane da yawa biyu kawai suke gani. Farashi yana canzawa daga wata zuwa wata, don haka alƙaluman da za a kawo nan misali ne kawai don nuna hanyar lissafin; kowa ya sa nasa na ranar. A ɗauka rim ɗin takardar A4, mai falle 500, an saye shi Naira 6,000. Falle ɗaya ya tashi Naira 12. A ɗauka kwalbar baƙar tawada Naira 9,000 ce. Bai kamata a raba ta a kan 4,500 ɗin da kamfani ya faɗa ba, domin shafukan gwajin kamfani ba su cika maƙil da rubutu ba, kuma wani kaso na tawadar yana tafiya wajen wanke bakin firinta. Idan aka ƙaddara shafi 3,000, kowane shafi ya ci Naira 3. Waɗannan biyun kowa ya san da su.

Na ukun shi ne firintar kanta, wadda kowane shafi yake rage mata kwana. Idan an saye ta Naira 250,000, aka kuma ƙaddara za ta buga shafi 30,000 kafin ta buƙaci babban gyara ko sauyi, to kowane shafi yana bin bashin kusan Naira 8. Wannan kuɗi ba riba ba ce, na firinta ta gaba ce, kuma wanda ya cinye su zai wayi gari ba na'ura ba kuɗin wata. Na huɗu shi ne ɓarna: takardar da ta maƙale, da wadda aka buga a karkace, da wadda mai aiki ya ce ba ita yake nufi ba. Falle ɗaya cikin ashirin ƙiyasi ne mai kyau, wato kusan Naira 1 a kan kowane shafi. Na biyar wuta ce, wadda a kan inbata za a iya sa mata Naira 1. Jimla shafi ɗaya ya tsaya Naira 25, kuma ba a sa kuɗin haya ba, ba a sa data ba, ba a sa wahalar mai shagon ba. Idan haya da data da harajin ƙaramar hukuma sun kai Naira 30,000 a wata, ana kuma samun rarar Naira 25 a matsakaicin shafi, sai an buga shafi 1,200 kafin a fara maganar riba. A kwana 25 na aiki, shafi 48 ke nan kowace rana.

Wannan lissafi shi ke bayyana dalilin da ya sa fotokwafi ya zama tarko ga mai ƙaramar firinta. Farashin fotokwafi a bakin makaranta masu manyan injuna ne ke tsayar da shi, irin Sharp da Ricoh da Canon na hannu, waɗanda ke zuƙar tarin takardu da kansu, su buga gaba da baya, kuma shafi yana tsaya musu ƙasa da na kowa. A ɗauka suna karɓar Naira 30. Wakilin aji ya zo da handawut mai shafi 100, yana son kwafi 40. Shafi 4,000 ke nan, kuɗinsa Naira 120,000, adadin da ke sa zuciya ta buga. Amma Naira 100,000 daga ciki kuɗin kaya ne. Aikin zai cinye rim takwas da fiye da kwalbar tawada ɗaya. A gudun shafi goma a minti, sai firintar ta yi awa shida da minti arba'in tana bugawa ba tsayawa, kuma mazubin takardarta falle 100 kawai yake ɗauka, don haka sau 40 za a tashi a cika shi. Duk tsawon wannan lokaci, wanda ya zo buga takarda ɗaya ta Naira 100 sai ya wuce shago na gaba. Ranar ta tafi a kan Naira 20,000, na'urar kuma ta tsufa da fiye da kashi ɗaya cikin goma na rayuwarta.

Masu wayo a sana'ar ba sa korar irin wannan aiki. Suna ƙulla ciniki da mai babban inji, su karɓi aikin, su kai masa a farashin sari, su ɗauki ɗan abin da ke tsakani. Fotokwafin da ya dace da ƙaramar firinta shi ne na falle ɗaya zuwa ashirin: katin shaida, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma. Idan kwafin da ake so ya wuce biyar daga takarda mai shafuka da yawa, ya fi sauƙi a yi sikanin sau ɗaya zuwa kwamfuta a buga daga can, maimakon a yi ta ɗaga murfi ana juya takarda a kan gilashi. Hakan yana kuma ba da damar goge baƙin gefen da littafi kan bari, wanda ke shan tawada a banza.

Ribar gaske tana cikin ƙananan bugu da kuma taifin. Ɗalibin da ya zo fitar da takardar JAMB, ko rasidin Remita, ko fam ɗin rajistar kwasa-kwasai, ko takardar kiran NYSC, shafi ɗaya ko biyu yake so, yana cikin sauri, kuma yana biyan kuɗin shiga intanet da sanin hanyar shafin ne, ba kuɗin takarda kawai ba. Shi kuwa taifin, kusan duk kuɗinsa na hannun mai yi ne.

Furojet ɗin ɗalibin ajin ƙarshe ya isa misali. Ɗaliba ta kawo rubutun hannu da zai cika shafi 60. Yawancin sassan jami'a suna son rubutun Times New Roman mai girman 12, da tazarar layi biyu, da gefen hagu mai faɗi saboda ɗinkin bango, amma kowane sashe yana da ƙa'idarsa, kuma wajibi ne a nemi ganin takardar ƙa'idar ko wani tsohon furojet na sashen kafin a danna harafi ɗaya. A wannan tsari shafi yana ɗaukar kalma kusan 250. Mai matsakaicin sauri, da tsayawa karanta rubutun hannu da tambayar abin da bai fito ba, yana yin shafi huɗu zuwa biyar a awa. Aikin awa goma sha biyu zuwa sha biyar ne, wanda a shago mai shige da fice zai ɗauki kwana uku. A Naira 300 kowane shafi, taifin ya kama Naira 18,000. Sai bugu: sau biyu ana kai wa malami mai duba aikin, shafi 120 ke nan, sannan kwafi huɗu na ƙarshe, shafi 240. Shafi 360 a farashin sari na Naira 50 ya ba da wasu Naira 18,000, amma rabinsu kuɗin kaya ne. Ribar aikin duka Naira 27,000 ce, kashi biyu cikin uku daga yatsu suka fito.

Inda ake samun rigima a nan shi ne gyara. Malami zai dawo da aikin da jan biro, wani lokaci ya soke babi guda. Idan ba a yi magana tun farko ba, ɗaliba za ta ɗauka gyara yana cikin kuɗin da ta biya, mai shago kuma ya ga ana sa shi sabon aiki kyauta. Tsarin da ya fi adalci shi ne kuskuren mai taifin nasa ne, ya gyara ba ko kwabo. Gyaran malami zagaye na farko yana cikin ciniki. Sabon shafi ko zagaye na biyu yana da kuɗinsa. A karɓi rabin kuɗi kafin a fara, a rubuta a littafi a gaban mai aikin. Kwafin da za a kai wa malami a buga shi da zaɓin Draft, wanda ya fi sauri kuma ya fi tsimin tawada. Kwafin ƙarshe kuwa kada a buga huɗu kai tsaye. A buga ɗaya, ɗalibar ta zauna ta duba sunanta, da lambar rajista, da sunan malami, da lambobin shafi, ta amince, sannan a buga sauran. Harafi ɗaya a sunan shugaban sashe ya isa a ƙi sa hannu.

Akwai ƙwarewa ɗaya da ke bambanta mai taifin a ƙasar Hausa, wato baƙaƙe masu lanƙwasa. Ɗaliban sashen Hausa, da marubuta littattafai, da masu katin gayyata suna neman wanda zai rubuta musu ƙ da ɗ da ɓ daidai, domin bari da ɓari ba ɗaya ba ne. Windows yana da allon rubutu na Hausa da ake iya ƙarawa, kuma a cikin Word ana iya rubuta lambar harafin a danna Alt+X nan take ta rikiɗe: 0199 tana ba da ƙ, 0257 tana ba da ɗ, 0253 tana ba da ɓ. Idan harafin ya fito a matsayin ɗan akwati, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da shi, sai a canza wani. Da an gama, a adana kwafi a matsayin PDF, domin baƙaƙen da tsarin shafin su zauna yadda suke ko a wace kwamfuta aka buɗe.

Fayilolin da masu aiki ke kawowa suna da nasu matsalolin. Filash ɗin da ya zaga kwamfutoci goma shi ne babbar hanyar ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli ta maye gurbinsu da na bogi, don haka shaguna da yawa sun koma karɓar aiki ta WhatsApp ko imel. A can ma sai an roƙi mai turowa ya aiko da takardar a matsayin Document, domin hoton da aka tura ta hanyar yau da kullum ana matse shi, ƙananan rubutu su dushe. Sannan fayil ɗin Word da yawa suna zuwa a girman Letter na Amurka, wanda ya fi A4 faɗi kuma ya fi shi gajarta. Idan ba a mayar da shi A4 ba, gefen shafi da teburori suna gocewa. Duba Print Preview na daƙiƙa biyar yana kama kusan duk waɗannan kafin takarda ta lalace.

Firinta takan nuna alamar ciwonta a jikin takarda. Fararen layuka a kwance cikin rubutu, ko kala ɗaya da ta ɓace, alamar bakin fesawa ya toshe ne. Sai a buga gwajin Nozzle Check. Idan layukan gwajin sun tsinke, a yi Head Cleaning sau ɗaya, a sake gwadawa. Idan bai gyaru ba bayan sau uku, a kashe ta a bar ta wasu awanni, domin ci gaba da wankewa tawada kawai yake zubarwa. Tawadar wankin tana taruwa ne a wani soso da ke cikin na'urar, kuma firintar tana ƙirga ta. Ranar da ƙirgar ta cika za ta tsaya cak, fitilunta su yi ta ƙyaftawa. Masu gyara suna share ƙirgar da manhaja, amma wanda ya share bai canza soson ba, wata rana zai tarar da tawada ta malalo a kan tebur. Kada kuma a bar tanki ya sauka ƙasa da layin gargaɗi, don iska za ta shiga bututun. Tawadar da ba ta kamfani ba ta fi arha sosai, wasu suna aiki da ita lafiya, amma gauraya iri-iri a tanki ɗaya da sayen wadda ba a san asalinta ba su ne ke kashe bakin fesawa, wanda kuɗinsa babban kaso ne na kuɗin firintar.

Yanayi ma yana da hannu. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan robar da ke jan takarda ta sa ta santsi, sai a ji firinta tana juyi ba ta ɗauka. Tsumma mai ɗan laima yana gyara wannan, kuma rufe na'urar da yadi kowane dare yana hana shi. Da damina takarda ce ke shan laima, ta lanƙwashe, ta shiga biyu-biyu, don haka a bar rim cikin ledarsa, a ɗora shi kan katako maimakon siminti, a kuma kaɗa fallayen kafin a zuba. Takardar da ta maƙale a jawo ta a hankali da hannu biyu, kada a fizge. Mai nauyin giram 80 ta fi dacewa da bugun gaba da baya, wanda ke raba kuɗin takarda biyu. A mai giram 70 tawada tana lekowa ta baya.

Shagon yana riƙe da sirrin mutane fiye da yadda ake zato. Takardun NIN, da bayanan banki, da sakamakon asibiti, da wasiƙun kotu duk suna ratsa kwamfutarsa. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma ko babu doka wannan amana ce: a share irin waɗannan fayiloli da an gama, a yayyaga gurɓatattun kwafi maimakon a bai wa mai ƙosai ta naɗe kaya, kuma kada furojet ɗin wani ya koma hannun wani da sabon suna. Akwai kuma buƙatar da dole a ƙi komai kuɗinta, wato canza maki a sakamako, ko kwanan wata a rasidi, ko ɗora hatimin wata hukuma a takarda. Wannan jabu ne, kuma wanda ya buga yana cikin laifin tare da wanda ya kawo. Kwafe littafin marubuci daga bango zuwa bango don sayarwa shi ma keta haƙƙin mallaka ne.

Kasuwar ɗalibai tana da kaka da rani. Lokacin rajista, da makonnin da ke gab da jarrabawa, da lokacin miƙa furojet, layi ne har waje. Da an tafi hutu sai unguwar ta yi tsit. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna wa masu shagunan bakin jami'a haɗarin dogara da ɗalibai kaɗai. Abin da ke cike giɓin shi ne ƙananan ofisoshi da ba su da firinta: makarantun kuɗi da Islamiyyu masu takardun jarrabawa sau uku a shekara, dillalan filaye masu yarjejeniyar ciniki, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, 'yan kwangila masu takardar farashi. Aikinsu yana maimaita kansa, don haka idan an tsara musu kan wasiƙa ko fam sau ɗaya aka adana, na gaba aikin minti biyar ne. Sun fi son biya a ƙarshen wata, abin da ke buƙatar littafin da ɗan aike zai sa hannu a kowane karɓa, da iyakar bashin da ba za a wuce ba, tunda mai sayar da rim ba ya jiran ƙarshen wata. A makonnin da aiki ya ɗauke gaba ɗaya, dole a kunna firintar aƙalla sau ɗaya a mako a buga shafi mai ɗauke da duk kaloli huɗu, a kuma kashe ta da maɓallinta maimakon zare waya daga soket, domin kan fesawa ya koma mazauninsa ya rufu.